Sati na shida da koyon testin: sunan Sa'adatu ya kayar da fom

To 'yan uwa masu koyo, wannan satin cankar kuskure na saka a gaba, wato ka zauna ka tambayi kanka ina mai rubuta manhaja ya fi yin tuntuɓe sai ka nufi wajen kai tsaye. Da na ɗauka canki-canka ne kawai, ashe abin da ka taɓa gani ya fashe shi ne jarinka, shi yasa mu sababbi muke shan wahala.

Abokina ya haɗa fom na rajistar ɗaliban wata islamiyya yace in gwada masa, shi duk gwajin da yayi da sunan Musa Musa yayi. Ni kuma na tuna wani fom da ya taɓa ƙin karɓar sunan ƙanwata, sai kawai na rubuta Sa'adatu na danna Submit, wallahi nan take shafin ya kawo 500, wato lambar kuskuren saba. Da muka leƙa ashe yana manna sunan ne kai tsaye cikin umarnin databes:

```sql
INSERT INTO dalibai (suna) VALUES ('Sa'adatu');
```

Wannan 'yar alamar ta tsakiyar sunan ita ta rufe zancen a kan Sa, ragowar adatu databes bai san me zai yi da shi ba. Kuma ta wannan ƙofar dai ɓarayi suke cusa nasu umarnin, don haka maganin shi ne a tura sunan daban a matsayin paramita, ba wai a hana mutane alamar ba, in ba haka ba ina za a kai Mu'azu da Asma'u?

Na biyu lambar waya. Tamu lamba 11 ce kuma da sifiri take farawa, shi kuma ya ba ta gurbin INT, wato na lambobin lissafi, sifirin gaba ya ɓace, sannan INT na MySQL iyakarsa 2147483647, lambar ta wuce nan, sai ya ƙi ajiyewa. VARCHAR, wato gurbin rubutu, ya kamata tun farko tunda ba lissafi za a yi da ita ba.

Daga nan na buɗe littafi na fara cekilis ɗina. Farko na rubuta "duba suna", bayan kwana biyu ni kaina ban gane me nake nufi ba, sai na mayar da kowane layi tambaya mai amsar e ko a'a: suna mai alama a tsakiya yana shiga? ƙ da ɗ da ɓ suna dawowa daidai ko sun koma alamar tambaya? In netwok yana ja aka danna Submit sau biyu, ɗalibi ɗaya ake samu ko biyu?

Amma fa kada ku miƙe ƙafa a kansa. Fom na biyu da abokin nawa ya kawo ya haye duk layukana tara tas, don ya riga ya haddace su, ina ta murna, jiya malamin ya kira wai yaran gida ɗaya masu lambar wayar uba ɗaya fom ya ƙi karɓar na biyun. Yanzu layi goma ne.