Inda Na Kai a Koyon Yanka Hoto: Riga Ɗaya, Ma'auni Huɗu

'Yan'uwa masu koyon tsara hoto da waya, aikin da na sa a gaba a wannan makon shi ne sanarwar wani maɗinki da ke cikin birnin Zariya, wanda ya kammala babbar riga mai aikin hannu, aska takwas, yana son a nuna ta a WhatsApp Status da Instagram, sannan a yi wa ɗan bidiyon da aka ɗauka hoton bango domin YouTube. Rigar ɗaya ce, amma kowane dandali yana da rabon faɗi da tsayi da ya fi karɓa, kuma abin da na fahimta shi ne cewa tun kafin a danna kyamara ya kamata a san ma'aunin da ake nufi.

Ana rubuta ma'aunin da lamba biyu, ta farko faɗi, ta biyu tsayi. Murabba'i shi ne 1:1, wato fiksel 1080 a faɗi da 1080 a tsayi. Hoton tsaye na shafin Instagram 4:5 ne, 1080 da 1350. Status na WhatsApp da Stories na Instagram suna cika fuskar waya da 9:16, wato 1080 da 1920. Hoton bangon bidiyo a YouTube kuwa kwance yake, 16:9, kuma girman da aka saba amfani da shi 1280 da 720 ne.

Ga inda lissafin ya fara amfani. Kyamarar wayata tana ɗaukar hoto a 4:3, fiksel 4000 da 3000 idan na riƙe ta a kwance. Idan aka ce a fitar da 9:16 daga wannan hoton, tsayin 3000 ne zai tsaya yadda yake, faɗin kuma ya koma 3000 sau 9 a raba da 16, wato kusan 1688. Ma'ana an zubar da fiksel sama da 2300 daga cikin 4000, fiye da rabin hoton. Babbar riga kuwa, idan mai sanye da ita ya buɗe hannuwa, faɗinta ne kwarjininta, don haka wannan yankan zai bar wuya da ƙirji kawai, hannuwan biyu su ɓace. Amma idan an riƙe wayar a tsaye, hoton ya zama 3000 da 4000, fitar da 9:16 zai rage faɗin zuwa 2250 ne kawai, wato rubu'i ɗaya ya tafi, 4:5 kuma zai ci fiksel 250 kacal daga tsayi. Saboda haka na ɗauki rigar a tsaye, an naɗe hannuwanta a kafaɗa kamar yadda ake sa ta, na ja baya kaɗan domin a samu fili a sama da ƙasa da kuma gefe biyu. Ina ba ku shawara ku bar kyamararku a kan 4:3. Zaɓin 16:9 ko Full da ke cikin saitin kyamara yanka yake yi tun a wurin ɗauka, kuma abin da aka yanke a nan ba ya dawowa.

Daga nan na buɗe Canva, na shiga Custom size, na sa 1080 da 1920. Na fara da mafi tsawo ne da gangan, domin sauran ma'aunan tsaye biyu suna zaune a cikinsa. Idan kun cire 1350 daga 1920 saura 570, a raba biyu ya zama 285, don haka hoton 4:5 yana farawa daga fiksel na 285 ya ƙare a 1635. Murabba'in kuma yana tsakanin 420 da 1500. Na ja layukan jagora a waɗannan wurare huɗu, sannan na bi tsari ɗaya: wuyan rigar da aljihun da askar take kai da sunan shago duk suna cikin murabba'in tsakiya, lambar waya tana ƙasa da shi amma ba ta wuce 1635 ba, abin da ya rage a sama da ƙasa kuma bango ne kawai da ƙafar riga.

Wannan tsarin ya warware wata matsala ta daban. A Stories, sunan mai shafi da layin da ke nuna lokaci suna rufe saman hoto, akwatin amsa kuma yana ƙasa, shi ya sa ake barin kusan fiksel 250 sama da ƙasa babu rubutu. Tun da 285 ya fi 250, duk abin da ya shiga cikin iyakar 4:5 ya tsira daga rufewa. A Status ma haka ne, sai dai idan kun rubuta dogon bayani a ƙarƙashin hoton, domin rubutun yana hawa kan ƙasan hoton ne, kuma a nan ne mutane da yawa suke sa lambar waya.

Akwai wani ƙaramin yanka da ba a cika lura da shi ba. Tun daga farkon 2025 Instagram ta mayar da jerin hotunan da ke shafin mutum daga murabba'i zuwa 3:4. Hoton 4:5 idan ya shiga wannan jeri, faɗinsa yana raguwa daga 1080 zuwa kusan 1012, wato ana aske masa kimanin fiksel 34 a kowane gefe. Murabba'i kuwa yana rasa 135 a kowane gefe, abin da ya isa ya cinye harafin farko da na ƙarshe na sunan shago. Wannan ne ya sa a ganina 4:5 ya fi 1:1 dacewa da Instagram a yanzu, kuma na matso da rubutu fiksel 60 daga kowane gefe. Murabba'in na ajiye shi ne domin hoton shaida na WhatsApp, wanda shi ma da'ira ake yanka shi, kusurwoyinsa huɗu ba sa fitowa.

Hoton bangon YouTube ya ƙi shiga wannan tsari, kuma ban ga amfanin tilasta masa ba. Daga hoton tsaye, 16:9 siririn yanki ne na 3000 da 1688, ƙasa da rabin tsayin. Sai na sake ɗauka a kwance, an shimfiɗa rigar an buɗe hannuwanta, inda 4000 da 3000 ya koma 4000 da 2250. Na sa aikin askar ya cika ɓangaren dama na sama, kalmomi uku manya suna hagu, kusurwar dama ta ƙasa kuma na bar ta babu komai, domin a nan YouTube take buga tsawon bidiyon. Kafin in aika, na ƙanƙantar da hoton a fuskar waya har ya kai girman babban yatsa, don a wannan girman mafi yawan mutane za su fara ganinsa. Kalmomin sun karantu, amma ƙaramin rubutun adireshi ya ɓace, sai na cire shi gaba ɗaya.

Abu ɗaya da nake roƙonku ku guje masa shi ne jan hoto ta gefe domin ya cika fili. Ku ja ta kusurwa, ko ku yanka. Hanyar gane hoton da aka ja ita ce a nemi abin da aka san da'ira ne, kamar tambarin da ke jikin riga ko bakin hula, idan ya koma siffar ƙwai to an ɓata ma'auninsa, kuma mai sayen riga zai ga aikin maɗinkin ya karkace alhali ba haka yake ba.

Aikin da ya rage mini shi ne bidiyon kansa, wanda aka ɗauka a kwance, 1920 da 1080, kuma maɗinkin yana son gajere a tsaye. Yankan zai bar faɗin fiksel 608 kacal, wanda idan aka buɗa shi ya cika 1080 zaren aikin zai yi dishi-dishi, don haka mun shirya sake ɗaukar wannan ɓangaren da waya a tsaye ranar Asabar da hantsi, lokacin da haske yake shiga zauren shagon.