Yadda na sa 'yan kasuwa kuka da kawunansu a Turance

Wata ran Alhamis ciyaman ɗin ƙungiyar layinmu a nan Sabon Gari ya miƙo min takarda ya ce, "Sakatare, mayar mana da wannan Turanci, maƙwabtanmu Ibo da Yarbawa su ma su gani." Sanarwar tsaftar muhalli ce, wadda ake yi a Kano duk Asabar ɗin ƙarshen wata daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Na ce an gama Alhaji, don a ganina aikin minti goma ne.

Ga yadda ta Hausar take: ana sanar da ɗaukacin 'yan kasuwa cewa an hana buɗe shago har sai an kammala shara, duk wanda aka kama ya kuka da kansa, ba sani ba sabo, kunne ya ji jiki ya tsira, Allah ya ba da ikon kiyayewa. Ko a lasifika ka ji wannan ka san magana ta zauna. Ni kuwa na buɗe kwamfuta na bi ta kalma kalma, na buga na manna a bakin layi ina jin kaina.

Ko azahar ba a yi ba wani mai sayar da kayan wuta ya zo da Hausarsa ta kasuwa, wai oga sakatare wa zai yi kuka, kuma me ya sami kansa? Sai a lokacin na sake karantawa, wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage. "Kai" a wurinmu ai biyu ne, akwai na kan wuya akwai na ni da kaina, ni kuma na ɗauko na kan wuya na haɗa shi da hawaye. Alhali ba kukan hawaye ake nufi ba, cewa ake kar ka zargi kowa, kai ka jawo. Da na yi masa bayani sai ya ce to tarar nawa ce? Ashe nan gizo ke saƙar. Bahaushe in ya ji "ya kuka da kansa" ya san akwai hukunci ko ba a faɗa ba, amma mai karanta Turanci so yake a ambaci hukuncin da sunansa. Dole na koma wurin Alhaji na tambaya, ya ce kulle shagon za mu yi ranar gaba ɗaya, abin da na rubuta ke nan a gurbin karin maganar.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma "ba sani ba sabo" ne, don shi bai ba kowa dariya ba, shiru ya wuce da kuskurensa. Turawa suna da wata magana ta shari'a cewa rashin sanin doka ba uzuri ba ne, ganin kalmar sani kawai sai na cafke ta. To sanin nan na sanayya ne, wato ko ɗan ciyaman ne ba za a ɗaga masa ƙafa ba. A gyara na sa dokar ta hau kan kowa babu togiya. Tun daga nan ba na yarda da karin maganar Turanci don kawai ta yi kama da tamu, sai na faɗi tamu da Hausa tsagwaronta tukuna na ga ko ma'anar ɗaya ce. Akwai masu dacewa kam, rigakafi ya fi magani tana da 'yar'uwarta sak a can.

Sai batun sandarewar da fassarar ta yi, wannan kuma daga "ana" da "an" da "aka" take. Sanarwarmu don kunne aka gina ta, gadon mai shela ce, tana ɓoye mai magana tana jan hankali kafin ta kai ga batu, kuma hakan ne ke ba ta kwarjini. A Turanci in ka jera ana sanarwa, an hana, aka kama, sai jimlar ta yi nauyi kamar takardar kotu, mutum ya ci layi uku bai ga ranar ba. Sai na juya ta: sunan ƙungiya a sama, rana da lokaci, abin da za a yi, sannan hukunci. Kunne da jikin nan cire su na yi gaba ɗaya, tunda hukuncin ya riga ya yi aikinsu.

Addu'ar ƙarshe ce muka ɗan ja da Alhaji. Na mayar da ita godiya bisa haɗin kai, don a fassarar farko ta fito kamar muna roƙa wa marasa lafiya ƙarfin jiki. Ya ce shi fa ba zai sa hannu a takardar da babu sunan Allah ba. Muka daidaita a kan gajeriyar addu'ar albarka bayan godiyar, ya sa hannu, na je na ɓamɓare tsohuwar daga bango.