Daga yau sunanmu Turmin Goggo

Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar muka manna sabuwar takarda a kan robar yaji ta ƙarshe, na zauna a ƙasa na jingina da buhun barkono, na kasa tashi. Wata bakwai ke nan tun ranar da takardar lauyan nan ta iso a kan maganar tsohon sunan yajinmu. Kun san abin da ya biyo baya, ba sai na tona ba.

Laifina ne ta wani ɓangaren. Na yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, na ɗauka shi ke nan suna ya zama nawa. Ashe wannan rajistar kasuwanci ce kawai. Sunan da ke jikin kaya da tambarinsa kuwa ofishinsu daban, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki a Abuja, kuma wasu sun riga ni zuwa can da suna mai kama da namu, a rukuni na 30 inda kayan yaji suke. Wannan karon sai da aka yi bincike tukuna, aka shigar, aka buga a mujallar ofishin, muka jira wata biyun da doka ta ba duk mai ƙorafi. Babu wanda ya fito.

Abin da ba zan manta ba shi ne daren da muka fara ɓare tsohuwar takarda. Roba 1,200 a tsakar gida, ga babu wuta, ni da yara biyu muna ta kankara da wuƙa, gam ya ƙi fita. Ina cikin kuka sai na ji sallama. Goggo ce, ƙanwar mahaifina, ta taso daga Gwammaja a adaidaita da ƙafarta mai ciwo. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, ɗora ruwa." Ita ta ware robobin da babu komai a ciki aka jiƙa su a ruwan ɗumi, ta hana mu kusantar da ruwa ga waɗanda aka riga aka cika, domin yaji in ya sha danshi dunƙulewa yake yi ya canza ƙamshi. Waɗannan da tsumma da ɗigon man gyaɗa ta goge gam ɗinsu, ɗaya bayan ɗaya, har kiran assalatu. Ta hana ni faɗa, amma Goggo ki yi haƙuri, na faɗa. A turminki na koyi daka ina 'yar shekara tara, sunan kuma naki ne.

Shi ya sa sabon tambarin turmi ne da taɓarya a tsaye, fari a cikin da'ira ja, jan barkono. Mun bar tsohon hoton mai tarkace da yawa saboda in aka ƙanƙanta shi a kan murfi ba a gane komai. Wannan ko a baƙi da fari aka buga shi a rasit, turmin yana nan.

Ku kwantar da hankalinku, iyayena da 'yan'uwana masu saye. Abin da ke cikin robar bai canza ba: yajin ƙuli, yajin daddawa da na tafarnuwa, citta da kanumfari da masoro a ma'auninsu na da, hannun da ke haɗawa shi ne dai. Robar giram 250 tana nan yadda take, kuɗinta ma haka. Lambar wayarmu ba ta canza ba. Sunan asusun banki ne kaɗai ya koma sabon suna, don haka in za ku tura kuɗi ku duba ya fito kafin ku danna. Duk wanda ya kira ku da wata lamba ya ce mu ne muka sauya, kada ku tura masa ko sisi. Ku duba ƙasan takardar, za ku ga ranar haɗawa da ranar ƙarewa, murfin kuma a like yake. Masu shago da ke da ragowar mai tsohon suna, ku kira ni, zan zo da kaina in musanya muku ba tare da ƙarin ko kwabo ba.

Baba mai injin niƙa da ya ɗaga mini ƙafa wata uku bai taɓa aiko yaro ba, Allah Ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Yaron da ya zana turmin nan har sau shida bai ƙosa ba, Allah Ya yi wa hannunka albarka. Maigida, Allah Ya bar mu tare. Akwai na jikina da na yi ta duba ƙofa ko za su leƙo, ko da waya ce. Na san kowa da hidimarsa, Allah Ya sa lafiya ce ta ɓoye su.

Goggo, Allah Ya ba ki lafiyar ƙafar nan, Ya kai ki Ɗakinsa, Ya jiƙan Baba. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu kaya za su fita, masu oda tun watan jiya su ne a gaba.