Daga Sakkwato zuwa Jos: gaisuwar zafi, ta ruwa da ta sanyi

A ƙarshen watan Afrilu na bi hanyar Sakkwato zuwa Jos ta Gusau, Funtuwa da Zariya a motar haya. A wannan lokaci na shekara matafiyi kan ratsa yanayi uku a tafiya ɗaya. Yana barin Sakkwato cikin tsakiyar bazara, zafin rana ya haura digiri 40, ya iske ƙasar Zazzau ana sauraron ruwan shuka, ya sauka Jos damina ta riga ta kankama. Mota na cin hanya, gaisuwar da ake buɗe hira da ita na sauyawa.

Maganar yanayi ba ta zuwa da farko. A tasha na lura da yadda dattawa ke jera ta: sallama, sai "ina kwana", sai "ina gajiya" ko "ya iyali", sannan a zo kan zafi. Wanda ya faɗo mota ya ce wa na kusa da shi "kai, yau ana zafi" ba tare da gaisuwa ba, za a amsa masa da "uhm" a kawar da kai. Ƙarami ne ke fara gaida babba, amma sau da yawa babban ne ke jefo tambayar yanayi, alamar ya yarda a yi hira.

Haka dattijon da ke gefena ya yi bayan na gaishe shi. Ya ce, "Ina zahi?" Kafin in buɗe baki wani fasinja a baya ya amsa, "Zahi lokacinai na, Baba." Wannan ita ce "lokacinsa ne" ta Bakano, Bakatsine kuma ya ce "lokacinshi ne". Lafazi ya bambanta, amma amsar farko ɗaya ce ko'ina, ba a yin ƙorafi a cikinta. Ko gumi na ɗiga ta haɓar mutum, cewa zai yi "lokacinsa ne", ko "da sauƙi", ko "sai godiya". Dalilin a fili yake: zafi da sanyi da ruwa duk daga Allah suke, mai ƙorafi a kansu kamar yana ja da hukunci ne. Sai an wuce wannan amsa ake faɗin gaskiyar lamari. Dattijon ya ɗan nisa ya ce jiya a tsakar gida suka kwana, ɗaki bai shiguwa har asuba. Daga nan hira ta kama, aka shiga batun ruwan randa da ya koma kamar an ɗora a wuta, da ƙyanda da sanƙarau da kan addabi yara a irin wannan lokaci.

Ko yadda aka gina tambayar yana nuna abin da ake so. "Ina zafi?" gaisuwa ce zalla, amsarta gajeriya. "Ya muka ji da zafi?" ta haɗa mai tambaya da wanda aka tambaya cikin wahala ɗaya, ita ta fi saurin jawo zance tsakanin baƙin juna. Ga babba ko mace mai shekaru kuwa ana cewa "Hajiya, ya kuka ji da zafin nan?", da "kuka" na girmamawa.

Bayan Talatar Mafara sai kalmar ruwa ta fara shigowa, kuma a nan ne baƙo ya fi yin tuntuɓe. "Ina ruwa?" gaisuwar wurin da ruwa ya sauka ce, amsarta "ruwa ya yi gyara". A ƙasar da ba a ga ko ɗigo ba tun watan Oktoba, manomi zai dube ka ne kawai ya ce, "Wane ruwa?" Abin da ya dace a can shi ne "ya jiran ruwa?", a amsa da "muna ta fata" ko "Allah ya kawo mai albarka". In ba ka tabbatar ba, dubi ƙasa kafin ka yi magana: gefen titi ya yi duhu ko ƙura ce ke tashi, akwai ruwa kwance a ramuka, an fara sharar gona ko har an ja kunya.

A Funtuwa wani manomi ya shigo da buhun iri, direba ya tambaye shi, "Malam, an samu ruwa wajenku?" Wannan ta wuce gaisuwa, neman labari ce, kuma amsarta hawa-hawa ce. Akwai "hadari dai ya taso iska ta watsa shi". Akwai "an ɗan yi yayyafi", wato ƙura ce kawai ta kwanta. Akwai "an yi ruwa amma bai kai na shuka ba". Ta ƙarshe ita ce "an yi ruwan shuka". Manomin ya ce nasu bai kai ba, ya nuna da yatsunsa: ya tona bayan ruwan, laima ba ta wuce gaɓa biyu ba sai busasshiyar ƙasa. Wanda ya yi shuka a kan irin wannan, in aka yi fashin mako biyu, iri zai tsiro ya ƙone, a sake sayen wani. Duk motar ta sa baki, har waɗanda tun Gusau ba su ce uffan ba. A hanya irin wannan mutane ba su cika son a tambaye su ina suka fito ko me suke ɗauke da shi ba, amma batun ruwa ba ya sa kowa ɗari-ɗari.

Mun kwana Zariya. Da dare iska ta tsaya cik, sai na ji masu shayi sun bar cewa zafi sun koma "ya gumi?" Zafin Sakkwato busasshe ne mai ƙuna, wannan kuwa mai naso ne, riga na manne wa jiki. Amsar da aka fi bayarwa ita ce "alamar ruwa ce".

Washegari muka bi ta Pambeguwa da Saminaka. Wajen la'asar, muna hawan tudun Jos, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Wani matashi ɗan kasuwa da kayansa ke saman mota ya ce ruwan nan ya ɓata masa rana. Wata dattijuwa ta ce, "A'a ɗan nan, ruwa ba ya ɓata, gyara yake yi." Ya yi shiru. Ko ruwa ya yi ɓarna da gaske, ya rushe katanga ko ya ci gona, ba a zarginsa kai tsaye. Gaisuwar ce ke komawa jaje: "ya muka ji da ruwan jiya?", sai "Allah ya tsare gaba", sai "Allah ya mayar da alheri".

Jos na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa da ruwa ya ɗauke sai sanyi ya sauko. 'Yan gari ba sa tambayar juna sanyi a wannan wata, domin a wurinsu ba a fara ba, sai Disamba da Janairu. Baƙo suke tambaya, cikin zolaya: "Ya ka ji da sanyin garinmu?" Amsar da ke faranta musu ita ce a yaba, a ce "ai ku kuna hutawa". Hausar garin ta haɗa ƙabilu da addinai, don haka gaisuwar gajeriya ce, "ya sanyi?", a ce "mun gode Allah". Bambancin da dattawan arewa ke yi tsakanin ɗari, busasshen sanyin hunturu mai fasa leɓe da kaushi, da sanyi mai laima na damina, ban ji shi a bakin kowa a Jos ba. Duka sanyi suke cewa. Mai masauki ya miƙo mini bargo ya ce in rufe taga kafin ƙarfe goma, ruwan wanka kuma sai an dafa.