Daren da na rubuta "ta samu sauƙi": shawara kan rahoton SOAP

A shekarata ta biyu da fara aikin jinya a wani asibiti a nan Maradi, na yi wani kuskure wanda har yau nake ba sabbin ma'aikata labarinsa, domin a kan takarda na yi shi, ba a wajen allura ko ƙarin ruwa ba. Watan Satumba ne, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje har a shimfiɗa tabarma a baranda, kuma mu biyu ne kawai muke gadin dare a sashen manya. Akwai wata mata mai kimanin shekara 30 da ake yi wa ƙarin ruwa da kinin saboda zazzaɓi mai tsanani. Da ƙarfe 2 na dare na leƙa gadonta, na tarar ta yi shiru, jikinta ya yi sanyi ga gumi, sai na rubuta a takardarta cewa zazzaɓi ya sauka, tana barci, ta samu sauƙi, a ci gaba da magani. Surukarta da ke jinyarta ta ce mini: "Malama, tun jiya ko kunu ba ta sha ba, kuma barcin nan nata bai kwanta mini ba." Na ce da ita: "Inna, hutawa take yi," na wuce gado na gaba ban rubuta maganarta ba.

Da asuba aka kasa tada ta. Da aka auna sukarin jininta sai aka same shi 0,35 g/L, alhali na mai lafiya wanda bai ci abinci ba yana tsakanin 0,70 da 1,10. An yi mata allurar ruwan sukari mai ƙarfi ta jijiya, Allah ya sa ta farfaɗo. Kinin yana sa jiki ya fitar da insulin fiye da kima, zazzaɓin da kansa yana cinye sukari, ga kuma rashin cin abinci, duk na san wannan tun a makaranta. Abin da ban sani ba shi ne amfanin layuka huɗun SOAP da ke kan takardar majinyaci.

Tsarin SOAP ya samo asali ne daga aikin wani likita ɗan Amurka, Lawrence Weed, a shekarun 1960, kuma haruffan sun dace da Faransanci kamar yadda suka dace da Ingilishi. S shi ne abin da majinyaci ko mai jinyarsa ya faɗa, O abin da ke da kanki kika gani ko kika auna, A fahimtarki game da abin da waɗannan biyun ke nunawa, P kuwa abin da za a yi. Majo ɗinmu, wato shugabar ma'aikatan jinya ta sashen, ta ajiye takardar a gabana da safe ta ce: "Ƙanwata, nuna mini inda kika auna sauƙi." Ba ni da abin nunawa, domin "ta samu sauƙi" hukunci ne, wurinsa A, ni kuwa na sa shi a O kamar abin da na auna. Haka ma "tana barci": abin da na gani shi ne mace kwance idonta a rufe, kuma ba zan iya kiransa barci ba sai na kira sunanta ta amsa.

A nan ne nake so matasa su dakata. Jerin haruffan yana tilasta wa mai rubutu ya tara hujja kafin ya yanke hukunci, kuma duk wanda ya fara da hukunci zai daina neman hujja, musamman a daren da gadaje talatin ke jiransa. Da na rubuta maganar surukar a S, da idona ya faɗa a kan "ba ta ci ba" kusa da "gumi" da "kinin", kuma da wuya waɗannan ukun su haɗu a shafi ɗaya hannu bai kai ga na'urar auna sukari ba. Masu jinya a wajenmu su ne ke kwana a gindin gado, su suka san ko an ci, ko an yi amai, ko an yi fitsari, don haka maganarsu ta cancanci shiga S, sai dai a nuna wanda ya faɗa, a kuma rubuta ta yadda aka faɗe ta ba tare da an gyara mata ma'ana ba.

Da Faransanci muke rubutu, amma ga ma'anar abin da ya kamata in rubuta, da alƙaluman da na sa don misali. A sama kwanan wata da 02:00. A S: majinyaciya ba ta ba da bayani ba, surukarta ta ce ba ta ci ba ta sha ba tun jiya, kuma barcinta ya yi nauyi. A O: zafin jiki 37,1, bugun jini 112 a minti, tansiyo 10/6, numfashi 24, gumi mai sanyi a goshi da tafin hannu, tana buɗe ido idan an kira ta da ƙarfi amma ba ta faɗin sunanta, kinin yana tafiya tun 00:00, sukari 0,45 g/L. A A: sukari ya faɗi, mai yiwuwa saboda kinin da rashin ci, kuma hankalinta ya ragu idan aka kwatanta da 20:00, lokacin da take magana. A P: an kira likitan gadi da 02:05, an ba da ruwan sukari ta jijiya bisa umarninsa, a sake awo bayan minti 30, sannan kowace awa 4 muddin kinin na tafiya, idan ya koma ƙasa da 0,70 ko hankalinta bai dawo ba, a kira likita nan take.

Wannan bai wuce layi goma ba, kuma wanda ya saba zai gama shi cikin minti uku. A lura cewa A ba maimaita sunan cutar ba ne, wannan yana shafin farko. Aikinsa shi ne ya ce yau ta fi jiya, ko ta yi baya, ko tana nan yadda take, kuma da wane dalili. Wasu sabbin ma'aikata suna tsoron wannan layi don kada a ce sun shiga hurumin likita, alhali "mai yiwuwa" ta wadatar da su, tun da hasashe mai hujja a samansa ba laifi ba ne.

P ɗina na wancan dare, wato "a ci gaba da magani", shi ne mafi rauni a cikin duka, domin bai ɗora wa kowa aiki ba. P mai amfani yana faɗin abin da za a duba, da lokacin, da iyakar da idan an ƙetare ta za a kira likita, ta yadda abokiyar aikin da ta karɓe ki da safe ba za ta buƙaci bugo miki waya kina barci ba.

Kuskurena na ƙarshe shi ne da na so in koma in gyara rubutun ƙarfe 2 bayan abin ya faru. Majo ta riƙe hannuna. Ba a gogewa, ba a cusa sabon layi tsakanin tsofaffi. Idan kuskuren alƙalami ne, a ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, a sa hannu, idan kuwa bayani ne da aka manta, a rubuta shi a ƙasa da ainihin lokacin da ake rubutawa, a nuna cewa ƙari ne da ya zo a makare. Haka na yi da ƙarfe 7:30, na rubuta maganar surukar a ƙarƙashin "ta samu sauƙi" ɗina, na sa hannu.