Na kai buhun kaba Agege, na ɓuge da rubutun talla

Goggo ce ta ce tunda zan sauko Legas in taho musu da kaba daga Kano, wai wadda suke samu a can tsada ga ta ba laushi. Haka na yi ta cinikin kuɗin buhu biyu da yaron mota kafin ya yarda ya cusa su a but. Mun tashi da yamma, Zariya, Kaduna, can cikin dare muka haye gadar Lokoja, gari ya waye mana muna ta fama da hanya, sai bayan azahar muka wuce Ibadan, ni dai ƙafata ta kumbura kamar ba tawa ba.

A Agege na same su a tsakar gida su wajen goma, ƙungiyarsu ce ta mata masu saƙa faifai. Ko hutawa ban yi ba Goggo ta miƙo min waya ta ce "ke 'yar boko, duba mana, mutane sai su yi ta yaba hoto amma ba mai saye." Abin da suka rubuta a ƙasan hoton kawai shi ne faifai mai kyau akwai kala kala. Na ce Goggo ai wanda ke Fatakwal ko Landan ba zai iya taɓawa ba, bai san girmansa ba, bai san da me aka yi ba, kuma bai san yaushe zai iso ba.

Sai na ce bari in ga aikin tukuna. Kaba dai ganyen goruba ce, ana tsaga ta sirara a jiƙa don kar ta karye. Wadda za a rina a tafasa ta da galura, a ɗauraye har ruwan ya daina fitar da kala, a shanya a inuwa. Saƙar kuma daga cibiya take farawa, a dunƙula busasshiyar ciyawa a yi ta naɗe ta da kaba ana zagayawa, kowane zagaye a huda da basilla a ɗaure shi da na baya. Wata dattijuwa ta nuna min yadda ake gane na kirki, ka ɗaga shi a rana, in haske na ratsawa ko ciyawar na leƙowa to saƙar ta yi sako-sako.

Babbar matsalarsu ashe damshin Legas ne. A Kano yini ɗaya kaba ta bushe, nan kuwa da damina sai ka ɗauka ta bushe alhali cikin ciyawar da saura, ka ƙulle a leda ya yi sati biyu a hanya, mai saye ya buɗe ya tarar da fumfuna. Ya taɓa faruwa da su sai da suka mayar da kuɗi. Yanzu sai sun shinshina kowanne, kuma da takarda suke naɗewa.

Washegari na raka Goggo ofishin masu aika kaya waje, nan na sha mamaki. Faifai 20 ne nauyinsu kilo 4, amma kwalin da muka zo da shi 40 da 40 da 30 ne a santimita, ma'aikacin ya ninka su ya raba da 5000 ya ce kuɗin kilo 9.6 za mu biya, wai a jirgi ana duba wurin da kaya ya ci ne in ya fi nauyin. Goggo ta ce "wato iska za mu biya wa kuɗin jirgi?" Muka nemo ƙaramin kwali mai 32 da 32 da 25 muka jera su ɗaya kan ɗaya, lissafi ya dawo kilo 5 da 'yan kai.

Da daddare na rubuta musu wannan:

"Faifan kaba, saƙar hannu ta matan ƙungiyarmu a Agege. Faɗinsa inci 12, wato santimita 30. Kabar goruba ce daga Arewa, cikinsa ciyawa, ba roba. Kowanne yana cin kwana biyu zuwa uku, don haka zanen ba zai zo iri ɗaya sak da na hoto ba. A goge da busasshen tsumma, kar a jiƙa. Cikin Najeriya muna ba mota daga tasha mu turo lambar direba. Ƙasar waje kuɗin aike daban, za mu faɗa bayan an auna kwali, kuma a tambaya ko ƙasarku na barin shigo da kayan ciyawa don wasu suna tsarewa."

Mun ɗan ja da Goggo kan maganar zanen ba zai zo iri ɗaya ba, wai zan kore mata kwastoma, na ce gara ya sani tun yanzu da ya kira yana faɗa daga baya. Ta bari amma ranta bai so ba. Hoton kuma na sa aka sake ɗauka da faifan a rufe kan kwanon tuwo don a ga girmansa da ido.

Ran da zan koma ta ɗaura min faifai shida in kai wa wata mai saye a Zariya, ta ce tunda motar ta nan za ta bi ba sai ta biya kuɗin aike ba.