Saƙo biyu na aika, ɗaya ya isa

A shekarata ta farko a ofis, maigidana ya ba ni takardu uku in aika wa wata ƙungiya da muke aiki tare kafin a tashi: rahoton wata uku, lissafin kuɗin da aka kashe, da yarjejeniya mai shafi 40 da aka sa wa hannu. Rahoton MB 2 ne, lissafin bai kai MB 1 ba, ita kuwa yarjejeniyar da na ɗauki hotonta da injin sikana ta kai MB 21. Na haɗa lissafi a kaina, ya ba ni kusan MB 24. Na san Gmail yana barin a maƙala har MB 25, don haka na maƙala su duka, na rubuta layi ɗaya cewa ga takardun nan, na tura.

Ba a yi minti biyu ba saƙon ya dawo mini, da wani dogon bayani wanda ban tsaya karantawa ba. Abin da idona ya kama kawai shi ne wannan:

```
552 5.3.4 Message size exceeds fixed maximum message size
```

Na gane dai girma ne matsalar. Sai na yi abin da nake gani dabara ce, na raba kayan gida biyu. Saƙo na farko ya ɗauki rahoto da lissafi, na biyu ya ɗauki yarjejeniya ita kaɗai. Na tura duka, na kashe kwamfuta, na tafi gida da zuciya ɗaya. Na biyun ma ya dawo, amma ba ni nan balle in gani, kuma washegari ya nutse a ƙarƙashin wasu saƙonni. Matar da ke karɓar takardu a wancan ɓangaren ta ga fayil biyu, ta ajiye, ta amsa da godiya. Ba ta da hanyar sanin akwai na uku, domin babu inda na ce uku ne. Sai bayan kwana tara, da aka zo biyan kuɗi aka ce ba yarjejeniya a hannu, sannan asiri ya tonu.

Na daɗe ina ganin laifin na'ura ne, har wani abokin aikinmu mai kula da kwamfutoci ya zaunar da ni ya warware mini. Imel tun asali don rubutu aka gina shi. In za a tura hoto ko PDF, sai an mayar da fayil ɗin haruffa ta wata hanya da ake kira `base64`, wadda ke rubuta kowane bait 3 da harafi 4. Ke nan fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku a kan hanya. Yarjejeniyata mai MB 21 ta zama wajen MB 28 lokacin da ta isa ƙofar masu karɓa, su kuma iyakarsu MB 25 ce a kan saƙon gaba ɗaya, bayan kumburin. Kuma iyakar da ke aiki ba tawa ba ce ni kaɗai. Mai aikawa yana da tasa, mai karɓa yana da tasa, kuma wadda ta fi ƙanƙanta ita ke yanke hukunci. Akwai ma'aikatun da har yanzu MB 10 suka sa. Tun daga ranar, in ban san iyakar mutum ba, ba na barin abin da na maƙala ya wuce MB 7, domin ko ya kumbura bai kai 10 ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, yarjejeniyar ba ta da dalilin yin nauyi haka. Injin sikanan yana kan dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, kuma da launi, alhali takardar baƙin rubutu ce a kan fari. Adadin ɗigon da ke shafi yana ƙaruwa ne ta tsawo da ta faɗi, saboda haka in ka sauko daga 300 zuwa 150, ɗigon ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Da na sake ɗauka a dpi 150 ba launi, shafi 40 ɗin nan suka tsaya a wajen MB 4, kuma sa hannun yana fitowa sarai. In akwai ƙananan rubutu ko hatimi mai dishi-dishi, ina hawa 200. Mutane kan ce a matse fayil a `.zip`, amma PDF na sikana da hotunan `.jpg` an riga an matse su, abin da zif zai rage kaɗan ne, ga kuma wahalar buɗewa ga wanda yake kan waya.

Duk da haka, in na duba da kyau, ba nauyin fayil ne ya jawo mana kwana tara ba. Saƙo zai iya dawowa kowane lokaci. Abin da ya hana a gano da wuri shi ne layin nan nawa ɗaya, “ga takardun nan”. Wanda ya buɗe saƙo yana ganin abin da ya iso ne kawai, ba ya ganin abin da ya maƙale a hanya. In ban faɗa masa adadin kayan da sunansu ba, duk abin da ya gani shi zai ɗauka cikakke. Da na rubuta cewa takardu uku ne, biyu suna nan, ta uku tana saƙo na biyu mai zuwa yanzu, da tun a ranar ta ɗaga waya. Yanzu haka nake rubutawa, ko fayil ɗaya ne:

“Hajiya, barka da aiki. Na maƙala fayil uku. Na farko rahoton Janairu zuwa Maris, don karantawa kawai. Na biyu lissafin kuɗi, ina roƙon ki duba shafi na biyu inda kuɗin sufuri ya ƙaru. Na uku yarjejeniyar da aka sa wa hannu, shafi 40, ita ce ake buƙata kafin a biya. In ɗaya bai iso ba, a sanar da ni.”

Jimla biyar ce ko shida, amma tana aiki uku. Ta ba mai karɓa abin ƙirgawa, ta gaya masa wanne zai fara buɗewa da abin da ake so ya yi da shi, ni ma kuma ta tilasta mini in ƙirga kafin in tura. Sau da yawa a wajen rubuta “fayil uku” ne nake ɗaga ido in ga biyu kawai na ɗora. Gmail da Outlook sukan tsayar da mutum in ya rubuta kalma irin `attached` bai maƙala komai ba, amma ni da nake yawan rubutu da Hausa, “na maƙala” bai taɓa sa an tsayar da ni ba. Shi ya sa nake fara ɗora fayil, sannan in yi rubutu, adireshin mai karɓa kuma shi ne na ƙarshe. Saƙon da ba shi da adireshi ba ya tafiya bisa kuskure.

Akwai kuma wani amfanin da ban yi tunani ba da farko. Masu damfara suna tura fayil da linki ba bayani, ko da bayani na gama-gari. Mutumin da ya san aikinsa yana jin tsoron buɗe irin wannan, kuma yana da gaskiya. Bayani takamaimai shi ke nuna masa daga wurin wanda ya san zancen saƙon ya fito.

Sai maganar suna. Fayil ɗin da na aika a ranar sunayensu `scan0007.pdf`, `rahoto final 2.pdf` da `Book1.xlsx`. A kwamfutata na san kowanne, tunda ni na yi su. Amma fayil yana rabuwa da saƙonsa da zarar an sauke shi, ya faɗa cikin jaka ɗaya da ɗaruruwan wasu, kuma bayan wata shida sunan kaɗai ya rage ya yi bayani. Tsarin da na tsaya a kai shi ne kwanan wata, sai abin da takardar take, sai lambar gyara:

```
2024-04-05_yarjejeniya_sa-hannu.pdf
2024-04-05_rahoto_jan-mar_v03.pdf
```

Shekara ce a gaba, sai wata, sai rana, domin da haka kwamfuta ke jera su bi da bi da kanta, kuma ba mai ruɗewa ko 04-05 biyar ga Afrilu ne ko huɗu ga Mayu. Sifilin da ke cikin `v03` yana hana `v10` shiga gaban `v2` a wuraren da ake jerawa harafi da harafi. Kalmar `final` kuwa na yi mata saki uku, tunda ban taɓa ganin takardar da aka kira haka ba a sake taɓa ta ba. Windows ba ya karɓar alamomi irin `/`, `:`, `?` da `*` a suna, don haka kwanan wata da `/` ba zai yiwu ba. Haruffanmu masu lanƙwasa ma, ƙ da ɗ da ɓ, ina barin su a cikin takarda amma ba na sa su a sunan fayil. Yawancin lokaci suna wucewa lafiya, sai dai na taɓa ganin wani tsohon shafin karɓar takardu ya mayar da su alamar tambaya, kuma wanda allon rubutunsa ba shi da su ba zai iya neman fayil ɗin da suna ba.

In abu ya yi nauyin da ba ya raguwa, kamar bidiyo, linki ne mafita, kuma Gmail da kansa yana mayar da fayil linkin Google Drive in ya wuce MB 25. A nan ma na sha kunya sau ɗaya. Linki ba fayil ba ne, ƙofa ce, kuma tana iya zama a kulle. Fayil ɗin da aka bari a kan `Restricted` yana buɗe mini ni mai shi, wani kuwa sai ya ga `Request access`, ya zauna jira ina barci. Yanzu kafin in tura, ina ƙara adireshin mutumin a cikin waɗanda aka ba izini, ko in sa `Anyone with the link` in ba sirri a ciki, in na biyun na sa, sai in gwada linkin a tagar burauza ta sirri inda ban shiga akawun ɗina ba. Abin da na gani a can shi baƙo zai gani. A jikin saƙon kuma ina faɗin abin da ke bayan linkin, girmansa, ko izinin karantawa ne ko na gyara, da ranar da zan rufe shi. Mai amfani da waya yana so ya san MB 300 ne kafin ya danna.

Abu ɗaya ne ba na turawa ta linki in da hali: takardar da aka sa wa hannu ko alƙaluman da aka amince da su. Abin da ke bayan linki yana iya canzawa gobe ba tare da mai karɓa ya sani ba, ko ya ɓace in an rufe akawun ɗin mai shi. Fayil da aka maƙala kuwa yana zaune a akwatin mutum yadda aka tura shi, da kwanan watansa. Yarjejeniyar nan mai shafi 40 a ƙarshe haka ta tafi, MB 4, da suna mai ma'ana, da layin da ya ce fayil ɗaya ne. Hajiyar ta amsa cikin minti goma cewa ta ƙirga shafukan, 40 ne cif.